FILIN MATA: Ɓeran Da Ke Cin Katin Gwaggo

 

Yau ba zancen girki zan yi ba, ba kuwa na goyo ba. Zancen naira ashirin ne. Na san wata za ta ce, “Haba Malama, naira ashirin ko ashana ba ta saye, me za a ɓata tawada a kanta?” To, ki dakata tukuna ki ji yadda naira ashirin ta nemi raba wata dattijuwa da 'yar aikinta, sa'an nan ki yanke hukunci.

Watannin baya, lokacin hutun makaranta, na je kwana goma wurin Gwaggona, ƙanwar mahaifina. Na tarad da gidan ba daɗi. Babban ɗanta da ke aiki a wani gari ya saya mata babbar waya, irin wadda ake shafawa, domin ta riƙa jin muryar jikokinta. Kowane wata yana saka mata data, kowace Juma'a kuwa yana turo mata katin naira 500 na kira. Da can katin nan yana kai ta wata Juma'ar har da saura, gama Gwaggo ba mai doguwar hira ba ce, gaisuwa ce da “Allah ya yi albarka” ta kashe. Amma kwanan nan kafin Laraba ko Alhamis sai ta ji baturiyar nan ta cikin waya tana gaya mata kuɗinta bai isa ba. Gwaggo ta yi lissafinta, ta ga ba mai shiga ɗakinta da sassafe sai yarinyar da ke mata shara. Shi ke nan, ta ɗora wa yarinya. Wai tana faki idonta tana kiran ƙauyensu. Yarinya ta yi rantsuwa har da kuka, Gwaggo ta ce in wata ya ƙare ta tattara kayanta.

Na ce, “Gwaggo, ki ba ni kwana huɗu kafin ki sallame ta. In ita ce, da kaina zan raka ta tasha.”

Ta ce, “To, 'yar boko. Ke kuma da alli za ki kama ɓarawon?”

Da fensir dai na kama shi, da bayan wani tsohon littafin lissafi. Abin da ya sa nake ba ku labarin dalla-dalla shi ne, yawancinmu in kati ya ƙare da wuri ba mu san nawa ne ya tafi ba, ba mu san yaushe ya tafi ba. Mukan ce kawai “suna cinye mini kuɗi”. To, wa za ki kai wa wannan ƙara ya saurare ki? Ko likita sai kin gaya masa inda ke ciwo da lokacin da yake tashi. Saboda haka aikin farko ba kiran kamfani ba ne, ba kuwa faɗa da yara ba. Aikin farko shi ne ki san adadin kuɗin da ke fita, ki san kuma tsakanin kwana nawa yake fita. In kin sami waɗannan biyu, rabin aiki ya ƙare.

Ga yadda na yi. Tun watan Mayu na 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta sa dukan kamfanonin waya na Nijeriya su yi amfani da gajerun lambobi iri ɗaya. Ko wane layi kike riƙe da shi, in kin buga `*310#` zai nuna miki abin da ya rage na kuɗin kira. Sai na tsara wa kaina in duba sau biyu kullum, da dare in za a kwanta, da kuma bayan sallar asuba. In an yi kira da rana, in duba kafin kiran, in duba bayansa. Wayar kuwa a ƙarƙashin matashina take kwana, ba mai taɓa ta.

Ran Juma'a da dare, bayan kati ya shigo, na ga naira 512. Na rubuta. Asabar da asuba na duba, naira 492. Ba wanda ya yi kira, ba wanda ya aika saƙo, yarinyar da ake zargi ma ba ta zo ba tukuna. Naira ashirin cif ta tafi cikin dare. Da hantsi Gwaggo ta kira ɗanta, kuɗi ya sauka zuwa 431, da dare ma 431 ɗin na gani. Lahadi da asuba, 411. Wata ashirin ke nan.

Ran Lahadin nan wani abu ya so ya ruɗe ni. Ba a yi kira ba duk yinin, amma da dare sai na ga naira 404 da kwabo 2. Na ce kai, ashe ɓerayen biyu ne? Da na bincika sai na ji da azahar Gwaggo ta sa wani jikanta ya duba mata ko kuɗin adashinta ya shiga banki, ya buga lambar nan ta banki mai tauraro. To, wannan ba sata ba ce. Naira 6 da kwabo 98 ne ladan buga irin lambar nan ta banki, kuma tun tsakiyar 2025 aka koma cire shi daga kuɗin kiran da ke kan layi, maimakon daga asusun banki kamar da. In kika ga an cire wannan adadi mai ɗan wutsiyar kwabbai, ki tuna ko wani ya taɓa lambar banki. Na ja layi a kansa na ajiye shi gefe.

Litinin da asuba, naira 384 da kwabo 2. Dare uku, ashirin uku. Na kai wa Gwaggo takarda na karanta mata. Ta yi shiru, can ta ce, “To wane ne ke tashi tsakar dare?”

A nan ya kamata in tsaya in bayyana yadda ake gane ɓarawo da sawunsa, domin hanyoyin da kuɗin kira ke zurarewa ba ɗaya ba ne, kowace da kamarta. In layi na da bashi, watau an ranci kati a kansa, to da zarar an saka sabon kati za a zare bashin gaba ɗaya tare da ladansa, nan take, ba sai dare ya yi ba. Mu kuwa 512 ɗinmu ta shigo cikakkiya. In kuma datar mutum ta ƙare wayar ta koma jan intanet daga kuɗin kira, abin da zai fita ba ya da tsari: yau naira bakwai, gobe hamsin da uku, gwargwadon abin da wayar ta ja. In kuwa wata ƙaramar data ce aka taɓa saya take sabunta kanta, za ki ga kuɗi ya fita amma data ta ƙaru, kina iya ganinta in kin buga `*323#`. Na duba na Gwaggo, datar watan da ɗanta ya saka ce kaɗai. Amma adadi guda cif, ba ragi ba ƙari, a lokaci guda kowace rana, ba kuma abin da ya shigo a madadinsa da ido ke gani, wannan sawun rajista ne. Watau an shigar da layin cikin wata hidima ta biya, irin su labarin ƙwallo, ko wasan waya, ko kacici-kacici mai alkawarin kyauta, ko waƙar da mai kiranki ke ji kafin ki ɗauka, ana kuma karɓar ladanta kullum ko mako-mako ko wata-wata har sai an ce a daina.

Duk da haka ban yarda da zato ba sai na gwada. Litinin da dare na cire layin daga babbar wayar, na sa shi cikin 'yar ƙaramar waya mai tocila, wadda ba ta san intanet ba, na ma kashe ta gaba ɗaya. Talata da asuba na kunna na duba: 364 da kwabo 2. Wannan gwaji ya fi duk sauran amfani, ina so ku riƙe shi. Ya nuna mini abin ba a jikin wayar yake ba, a kan layin yake. Kuɗin kiranki ba cikin waya yake zaune ba kamar kuɗi cikin lalita, lissafi ne a littafin kamfani, a can ake ragewa. Don haka ko kin kashe waya, ko kin goge wasannin da ke ciki, ko kin kai ta wurin mai gyara ya wanke ta tas ya karɓi ladansa, ko ma kin sayi sabuwa, muddin layin nan ne, ashirin ɗin za ta ci gaba da tafiya. Na san wata maƙwabciyarmu da ta biya mai gyara kuɗi mai kauri don a “cire mata cuta” daga waya, washegari aka cire kuɗin kamar yadda aka saba.

Ran nan Gwaggo ta kira yarinyar ta ce ta yafe mata. Ba ta faɗa da baki sosai ba, kun san manya, amma ta ba ta sabon kallabi da ragowar dambun nama, yarinya ta gane.

Sai batun tsayarwa, a nan ne kuwa na yi kuskuren da nake so ku kauce masa. Na daɗe ina jin ana cewa a aika `STOP` zuwa 2442. Na aika, amsa ta zo cewa an karɓa. Na ce wa Gwaggo an gama, har da ɗan taƙama. Laraba da asuba na duba don in nuna mata, sai ga 344 da kwabo 2. Gwaggo ta dube ni ta ce, “Malama, ɗalibin naki bai ji bulala ba.”

Ashe aikin 2442 dabam ne. Hukumar NCC ta fito da ita a 2016 don mutane su toshe saƙonnin talla da ke damunsu ba su nema ba. Tana da amfani ƙwarai, zan dawo kanta. Amma ƙofa take rufewa kada sabon baƙo ya shigo, ba ta korar wanda ya riga ya shimfiɗa tabarma a zaure. Abin da aka riga aka yi wa layi rajistarsa, a wurin kamfani abu ne da mai layi ta nema da kanta, sai ta soke shi da kanta.

Lambar sokewa ita ce `*305#`, tana cikin lambobin nan na bai ɗaya da aka tsara a 2023. Na buga, ta kawo mini zaɓi, na nemi in ga abin da layin ke ciki. Jerin da zai fito miki ya danganta da kamfaninki, saboda haka kada ki haddace lambar da wata ta danna, ki karanta abin da ke gabanki, ko ki sa mai karatu ya karanta miki a hankali. Na Gwaggo abu biyu ya nuna. Na farko wani wasa ne, naira 20 kullum. Ga ɓeranmu. Na biyu kuwa ban ma san da shi ba: waƙar mai kira, naira 50 kowane wata. Kwana biyar ina tsaron layin nan kamar mai gadin kanti, amma ban gan shi ba, domin ranarsa ba ta zo ba. Na tambayi Gwaggo ko ta san masu kiranta waƙa suke ji. Ta ce, “Waƙa? Ni? Da tsufana?” Ashe surukanta sun yi watanni suna jin kiɗa in sun kira ta, kunya ta hana kowa magana.

Na soke su ɗaya bayan ɗaya, ko wanne kuma na jira saƙon da ke tabbatar da an soke kafin in wuce. Saƙon nan kada ki goge shi, shi ne rasiɗinki. Sa'an nan na sake buga `*305#` don in ga jerin ya zama fanko. Alhamis da asuba, 344 da kwabo 2. Juma'a da asuba, haka. Kuɗi ya kwana inda aka bar shi.

Kafin in wuce, bari in taɓa wata dabara da Gwaggo ta riƙa yi, na kuma ji mata da yawa suna yinta. Da ta ga kati na ƙarewa, sai ta ce gara ta cinye abinta da kanta, ko ta bar layin ba ko kwabo na 'yan kwanaki wai ɓarawo ya gaji ya tafi. Ba ya gajiya, gama ba mutum ba ne, inji ne. In ya zo bai sami kuɗi ba yakan sake zagayowa, ran da kati ya shigo ya ɗauki nasa. Mai yiwuwa ne wata hidimar ta mutu da kanta in an daɗe ƙwarai ba kuɗi, amma wace ce za ta zauna da layi ba kati tana jiran wannan? Yunwa ba ta kashe shi, sokewa ce kaɗai.

Mu yi ɗan lissafi irin na 'yan aji huɗu. Naira 20 sau bakwai, 140 ke nan a mako, fiye da rubu'in katin da ake turo wa Gwaggo. A wata mai kwana talatin, naira 600. A shekara, naira 7,300. In kin ƙara hamsin ɗin waƙa sau goma sha biyu, watau 600, ya zama naira 7,900. Da yayyafi kogi kan cika. Masu irin wannan hidima sun san abin da suke yi da suka yanka kuɗin ƙanana. Da za a zare naira 600 lokaci guda, ko Gwaggo sai ta ɗaure zane ta tafi ofis. Amma ashirin-ashirin, cikin dare, sai mutum ya zargi kansa da yawan surutu, ko ya zargi na kusa da shi.

Da labarin ya tsaya nan da na ji daɗi, amma bai tsaya ba. Na koma bakin aiki, bayan mako uku sai ga kiran Gwaggo. “'Yar nan, mutumin naki ya dawo.” Na koya wa yarinyar gidan duba `*310#` da rubutawa, ita ce ta gano, kwana uku a jere ana cire ashirin. Ran Asabar na hau mota na koma.

Laifina ne. Na kori ɓera ban toshe rami ba. Ban tambayi kaina yadda aka yi layin tsohuwa wadda ba ta karanta boko ya shiga wasan waya ba. Wannan karon na zauna na buɗe akwatin saƙonni, na yi ta ja har ƙasa. Gwaggo ba ta goge saƙo, ba ta kuma buɗewa, gama duk da Turanci suke zuwa, ita kuwa ajami ta iya. Suna nan ɗaruruwa. Cikinsu na sami na wata gajeriyar lamba, yana yi wa mai layi barka da shiga wasa, ya faɗi kuɗin, ya ma faɗi yadda ake fita. Na farko ya zo ne wata Asabar da yamma, kusan wata uku baya. Na biyu, na wannan dawowar, ran Talata da yamma. Na tambayi Gwaggo wa ke riƙe wayarta da yamma. Ta ce ba kowa, sai ɗan autan 'yarta, ɗan shekara tara, in ya taso daga Islamiyya takan ba shi ya yi wasa don ya bar ta ta yi lazimi.

Na kira yaron, ban tsorata shi ba, na ce ya nuna mini wasan da ya fi so. Ya buɗe wani shafi na wasannin kyauta. Ba a yi minti biyu ba sai ga wani hoto ya rufe fuskar wayar, da babban maɓalli kore. Kafin in ce uffan yatsarsa ta kai. Na riƙe hannun. A ƙasan maɓallin, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, an rubuta kuɗin da za a riƙa cirewa kullum. Yaron ya ce, “Anti, ai in ba a danna ba wasan ba ya ci gaba.” In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ƙofofin da abin nan ke shigowa kaɗan ne, in kin san su kin huta. Akwai wannan ta talla cikin wasa ko shafin intanet. Akwai saƙon da ke faɗowa bisa fuskar waya ba a akwati ba, yana jiran a danna `OK`, mutum na sauri zai yi kira sai ya danna don ya kau da shi. Akwai kuma muryar da ke cewa in waƙar nan ta burge ki ki danna lamba kaza, lokacin da kike jiran a ɗauki kiranki. Ina kyautata zaton ta nan waƙar Gwaggo ta shigo, gama takan yi ta latsa waya in ba a ɗauka da wuri ba.

Na sake sokewa da `*305#`, sa'an nan na kira 300, lambar masu kula da abokan ciniki, ita ma ɗaya ce a kowane layi. In za ki kira su, ki je da takardarki a hannu. Kada ki ce “kuɗina na ƙarewa”, za a ce ki rage kira. Na ce musu ran kaza da ran kaza da ran kaza an cire naira ashirin-ashirin, ga sunan hidimar, ga ranar da na soke ta, ga saƙon shaida. Na roƙi su gaya mini ranar da aka shiga da ta hanyar da aka shiga, su tabbatar ba sauran wata hidima a kan layin, su kuma ba ni lambar ƙorafina. Lambar nan ki rubuta ta. In kamfani bai share miki hawaye ba, sai ki kira 622, layin hukumar NCC na kyauta, su kuwa za su tambaye ki lambar da kamfani ya ba ki, domin sai an fara kai kuka wurin kamfani kafin a zo gare su. Tun 2018 hukumar ta umarci kamfanoni su daina shigar da mutane irin wannan hidima ba da yardarsu ba. Saboda haka wadda ta tabbata ba wanda ya danna kome a wayarta, tana da bakin neman a mayar mata da kuɗinta, kada ta ji nauyi.

Mu dai ba mu sami ko kwabo ba. An ce littafinsu ya nuna daga wayar aka amince, ni kuwa da idona na ga mai amincewar, yana tsaye yana sosa ƙeya. Ban ga dalilin in ɗaga ƙara kan abin da na san gaskiyarsa ba. Amma a raina ban yafe wa mai tallan nan ba. Wanda ya yi maɓalli kamar faifai ya yi farashi kamar ƙwayar gero, ya san yara yake fako.

Toshe ramin bai ɗauki rabin sa'a ba. Na sa wa wayar mabuɗi na lambobi huɗu, Gwaggo ta haddace. Yaron an ce in yana son wasa sai wanda ke cikin wayar, a kashe data tukuna, kuma gaban babba. Gwaggo na koya mata abu ɗaya tak: duk rubutun da ya faɗo mata bisa fuskar waya ba ta nema ba, kada ta taɓa shi, ta danna maɓallin komawa baya, in ya ƙi ta ajiye wayar har mai karatu ya zo. A nan kuma `STOP` ɗin da na aika 2442 ya yi ranarsa, gama saƙonnin talla sun ragu ƙwarai, abin da za a danna bisa kuskure ya yi kaɗan. Mai son ta san ko nata layin na toshe, ta aika `STATUS` zuwa 2442 za a gaya mata.

Abu na ƙarshe shi ne tsawon gadi. Kwana biyu da na yi a karon farko ina ganin kuɗi bai motsa ba, bai isa shaida ba. Mai zuwa kullum kwana biyu ke tona shi, mai zuwa mako-mako sai an yi kwana takwas, mai zuwa wata-wata kuwa sai an haura kwana talatin. Na bar wa yarinyar littafin na ce ta cika kwana talatin da biyar, dare da asuba. Ta cika, ba ta tsallake ko ɗaya ba, rubutunta ma ya fi na wasu 'yan ajina kyau. Ban da kiran da Gwaggo ta yi da bakinta, da naira 6 da kwabo 98 sau biyu na duba adashi, ba abin da ya fita. Yanzu ta rage zuwa sau ɗaya a wata: ran da aka ga sabon wata ta buga `*305#` ta ga jerin fanko ne, ta gaya wa Gwaggo.

Wata malama abokiyar aikina da na ba ta labarin nan ta ce nata ɓeran ba a waya yake ba, a asusun banki yake. Na ce ta karɓo takardar bayanin asusunta ta wata uku, mu zauna da jan biro mu ja layi ƙarƙashin duk adadin da ya maimaita kansa. In Allah ya kai mu mako mai zuwa za ku ji abin da muka tarar.

Juma'ar da ta wuce Gwaggo ta kira ni da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ce sabon kati ya shigo ya tarad da naira 170 na tsohon. Muka yi gaisuwa, ta tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya, har da akuyar da na saya bara. Na ce, “Gwaggo, yau hira ta yi tsawo, kuɗinki fa.” Ta ce, “Bar ni in ci abina da bakina.”

Sai wani makon.